Yadda Ake Tsare Ɗakin Kwana Daga Sauro: Ragar Taga da Gidan Sauro Mai Magani

A gidajen da na shiga na duba, da wuya na tarar babu gidan sauro ko ɗaya. Abin da nake yawan tararwa shi ne gidan sauro a rataye can sama, bakinsa yana lilo bai kai katifa ba, ko raga a taga wadda tsakiyarta lafiya lau amma gefenta ya ɓalle daga katako, har ɗan yatsa yana shiga. Mai gida ya kashe kuɗi, uwargida tana ɗaura gidan sauron kowane dare, amma yara suna kwanciya da zazzaɓi duk damina. Sauro ba ya fasa raga. Gefe yake bi, inda raga ta haɗu da katako, inda katako ya haɗu da bango, inda gidan sauro ya haɗu da katifa. Saboda haka wannan jagorar ta fi tsayawa a kan waɗannan mahaɗai, kuma zan bi ta da misalin ɗaki guda, na yayata a Zariya, wanda muka gyara ni da wani kafinta kafin saukar damina.

Ɗakin ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 12 faɗi. Taga biyu, kowace ƙafa 4 tsaye ƙafa 4 kwance, da ƙofa ɗaya mai buɗewa tsakar gida. Rufin kwano ne, an yi silin amma ya ɓule a kusurwa ɗaya. Katifa ɗaya babba a ƙasa, ƙafa 6 da ƙafa 6, uwa da jaririya suna kwana a kai, yara biyu kuma a tabarma.

Fara da gano ta inda yake shiga

Kafin ka sayi komai, ka jira dare. Kunna fitila mafi haske a cikin ɗaki, rufe ƙofa da tagogi yadda kuke rufewa in za ku kwanta, sannan ka fita ka zagaya ɗakin daga waje. Duk inda ka ga haske yana fitowa, ƙofar sauro ce. Ka riƙe alli ko gawayi kana yin alama. Da rana ma ana iya yi: ka rufe kanka a ciki ka duba inda hasken rana ke tsiyayowa.

Kada ka tsaya a taga kaɗai, ɗaga kanka sama. Sauron da ke kawo maleriya, wanda masana ke kira anofilis, yana bin warin jikin mutum da numfashinsa ne, kuma wannan ɗumin iska sama yake tashi ya fita ta ratar da ke tsakanin kan bango da rufi. In sauron ya zo ya ci karo da bango, sai ya bi shi sama har ya sami ratar ya faɗa ciki. Shi ya sa a ɗakin kwano ko na jinka wanda ba a toshe kan bangonsa ba, wannan ratar ce babbar hanya, ta fi taga. A ɗakin yayata haske ya fito ta wuri huɗu: tagogin nan biyu, ƙarƙashin ƙofa inda ƙyaure bai kai daɓe ba da kusan inci ɗaya, sai ɓulin silin da ya haɗe da ratar kwano. Ɓulin silin muka fara rufewa da guntun falanki, ratar kan bango kuma magini ya cike ta da siminti cikin rabin yini. A gidan ƙasa, laka ta isa. In kana tsoron zafi ya ƙaru saboda toshe ratar, rufe ta da raga maimakon laka, iska ta riƙa wucewa.

An gwada wannan dabara a ƙauyukan yankin Farafenni na ƙasar Gambiya, aka wallafa sakamakon a 2009: gidajen da aka sa wa raga, sauron da ke shiga cikinsu ya ragu da kimanin rabi, ƙarancin jini a jikin yaran gidajen ma ya ragu. Rabi ba duka ba ne. Raga tana rage yawan da ke shigowa, gidan sauro kuma yana tare wanda ya samu ya shigo, don haka ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Zaɓen ragar taga

A kasuwa za ka ga raga iri-iri a naɗe, ana sayarwa yadi-yadi. Abu biyu za ka duba: girman ido da abin da aka yi ta da shi.

Girman ido shi ne na farko. Ɗora rula ko tef ɗin awo a kan ragar ka ƙirga ramukan da ke cikin inci ɗaya. Kana neman 16 zuwa 18. In babu rula a kusa, ɗauki tsinken ashana: in gindinsa ya wuce ta ramin ba tare da ka tura ba, idon ya yi faɗi, bar ta. Kada kuma ka ce bari ka sayi mai ido mafi ƙanƙanta don ta fi tsaro. Kowace raga tana rage iskar da ke shiga ɗaki, mai matsattsen ido kuma ƙurar hunturu tana toshe ta cikin mako biyu, ɗaki ya zama tanda a bazara, daga nan sai wani ya gaji ya yage ta ko ya kwana da ƙofa a buɗe.

Sai kayan da aka yi ta da shi. Ta roba zalla ita ce mai araha, amma ranar ƙasarmu tana cinye ta; in tagar tana kallon yamma, ba a daɗe ba za ka taɓa ta ta farfashe a hannunka. Ta waya mai ruwan tutiya tana da ƙarfi, akuya da yara ba sa yi mata komai da sauri, sai dai tsatsa tana kama ta daga ƙasa inda ruwan sama ke taruwa. Ta alminiyam ba ta tsatsa, amma in ta lotsa ba ta komawa daidai. Akwai kuma mai laushi, baƙa ko ruwan toka, wadda aka saƙa da zaren gilashi aka lulluɓe da roba. Ba ta tsatsa, tana jure rana, tana da sauƙin yanka da almakashi, amma ɓera da farcen mage suna huda ta. Ni a taga ita nake zaɓa. A ƙofa kuwa, musamman rabin ƙasa inda ƙafa da hannun yara ke kaiwa, ta waya ko ta alminiyam nake sa wa, ko ma a rufe ƙafa biyu na ƙasa da falanki gaba ɗaya.

Awo da haɗa firam

A nan ne mutane ke yin asarar kuɗi. Raga takan zo da faɗin ƙafa 3 ko ƙafa 4. Mutum ya ga tagarsa ƙafa 4 ce, ya sayi raga mai ƙafa 4, ya sa kafinta ya kafa katako a fuskar bango kewaye da ramin tagar. To ramin da za a rufe inci 48 ne cif, ragar ma inci 48 ce, babu abin da zai hau kan katako a kama da ƙusa. Sai a ja ta da ƙarfi, a kama ta da bakin zare biyu ko uku, wata biyu ta zame.

Mafita ita ce firam ɗin ya shiga cikin ramin tagar. Mun auna ramin a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, domin da wuya ka sami ginin da ya miƙe sak. Wuri mafi ƙanƙanta muka ɗauka muka rage rabin inci, firam ya fito inci 47 da rabi. Katakon da muka yi aiki da shi mai inci biyu ne kowane gefe, saboda haka ramin cikin firam ya koma kusan inci 43 da rabi, raga mai inci 48 ta rufe shi har da rarar da ta hau kan katako. In tilas ne firam ya zauna a fuskar bango, saboda ƙarafan tsaron taga ko gilashin da ke buɗewa sun cike ramin, to ka sa sanda a tsakiya ka yi aiki da ƙyalle biyu na raga mai ƙafa 3, su haɗu a kan sandar.

Ga lissafin kayan. Kowace taga tana cin gefe huɗu da sandar tsakiya ɗaya, wato guntu biyar masu ƙafa 4. Taga biyu guntu goma. Katako mai ƙafa 12 yana ba da guntu uku, don haka guda huɗu muka saya, guntu biyu suka yi saura. Siririn falankin da ake danne raga da shi ma tsawonsa ɗaya da wannan, ƙafa 40. Raga ƙafa 4 da rabi ga kowace taga, ƙafa 9 ke nan, ƙofa ta ci ƙafa 7. Muka sayi yadi 6 don a sami na faci nan gaba. Katakon ya zama busasshe. Ɗanye yana karkacewa in ya bushe, ya buɗe rata tsakaninsa da bango. A shafa masa maganin gara, a yi masa fenti, ya bushe, kafin raga ta hau.

Sandar tsakiya ba ado ba ce. Raga mai faɗin ƙafa 4 in babu abin da ya tallafe ta, iskar hadari tana kaɗa ta gaba da baya har ta tsage a bakin ƙusa.

Wajen ɗora ragar, a kwantar da firam a ƙasa mai laushi. A fara kama gefen sama daga tsakiya zuwa kusurwoyi, a ja zuwa ƙasa daidai gwargwado a kama, sannan gefe da gefe. Jan ya zama na miƙewa kawai, kada a ɗaure ta kamar fatar kalangu, domin in ta yi tauri da yawa firam zai lanƙwasa ciki. Ƙananan ƙusoshi ko sitefula kowane inci biyu zuwa uku. Bayan haka a ɗora siririn falankin nan a kan bakin ragar duk kewaye, har da kan sandar tsakiya, a buga. Wannan falankin ne ainihin abin da ke riƙe raga: ƙusa kaɗai tana riƙe zare ɗaya ko biyu, falanki kuwa yana danne bakin gaba ɗaya. Duk kafintan da ya ce maka ba sai an sa shi ba, ka ce masa a sa. Rarar da ta leƙo a yanke ta da reza.

Da firam ya shiga ramin taga aka kafa shi, sauran ratar nan ta rabin inci da muka bari. A cike ta da siminti, ko da abin toshe rata na roba da masu aikin gilashi ke matsawa. Tsumma da takarda ba sa daɗewa. In tagar irin mai buɗewa waje ce, ragar ta zauna ta ciki, kuma a yi mata yadda za a iya buɗe ta a miƙa hannu. Kada a yanka rami a jikin raga don hannu ya kai sakata; na sha ganin haka, kuma ramin nan shi kaɗai ya ɓata aikin duka. In tagar alminiyam ce mai zamewa, duba tsakanin ɓangaren raga da ɓangaren gilashi inda suke haɗuwa, akwai ɗan gashi-gashi kamar buroshi da ke toshe wurin. In ya cinye, a sauya shi.

Ƙofar raga kuma ta riƙa buɗewa waje, domin sauron da ya sauka a jikinta yana jira, in ka tura ta ciki ka shigo da shi da hannunka. A sa mata sifirin da zai mayar da ita da kansa, don yara ba sa rufe ƙofa. Ratar ƙasa mun toshe ta da yankin tsohuwar tayar mota da aka buga a gindin ƙyauren yana sharar daɓe.

Wane gidan sauro

Gidan sauro mai magani aiki biyu yake yi. Yana tare sauro kamar kowane labule, kuma sauron da ya sauka a kansa yana neman hanya yana kwasar magani a ƙafafunsa ya mutu. Na zamani, waɗanda ake rabawa, an haɗa maganin da zaren tun daga masana'anta, ba a sake tsoma su a magani kamar na da. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne maganin ya jure wanki 20 da amfani na shekara 3.

Hanya mafi aminci ta samunsa ita ce ta asibiti: wanda ake ba mai ciki a wajen awo, da wanda ake rabawa gida-gida, inda ake lissafa gidan sauro ɗaya ga mutum biyu. In saye za ka yi, ka sayi wanda ke cikin ledarsa a liƙe, kuma ka buɗe ka ga ɗan ƙyallen da aka ɗinka a jikinsa mai ɗauke da sunan kamfani, sunan maganin, girma, da ranar da aka yi shi. Gidan sauron ado mai leshi, da mai waya da ke buɗewa kamar laima, yawancinsu babu magani a jikinsu sai in an rubuta. Wari ba shaida ba ne. Ba a gane magani da hanci.

Akwai maganar da ya kamata mai saye ya sani. Shekaru da yawa magani iri ɗaya ake sa wa gidajen sauro, dangin fairitiroid, kuma sauron yankinmu ya saba da shi, da yawa ba sa mutuwa kamar da. Shi ya sa aka fito da sababbi. Wasu an ƙara musu sinadarin da ake rubutawa PBO a jikin leda, wanda ke karya garkuwar da sauron ya samu, PermaNet 3.0 da Olyset Plus suna cikinsu. Wasu kuma magani biyu ne a haɗe, irin su Interceptor G2, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fifita irinsa a wuraren da sauro ya daina jin tsohon maganin. In kana da zaɓi, ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan. In babu, wanda ke hannunka ka rataya yau. Lafiyayyen gidan sauro da aka cusa da kyau yana tare cizo ko da maganinsa bai kashe kowane sauro ba.

Ta fuskar taɓawa iri biyu ne. Akwai mai laushi kamar yadi, akwai mai ɗan tauri kamar zaren kamun kifi, wanda idonsa kan fi faɗi. Mutane sun fi son mai laushi, mai taurin kuma ya fi shan iska. Kada ka yi masa gwajin tsinken ashana, wannan na ragar taga ne wadda ba ta da magani. In ka ga lamba 75 ko 100 ko 150 a gefen kalmar da ke nuna kaurin zare, babbar lamba ta fi jure wahala, kuma ga mai kwana a tabarma wannan yana da amfani, don gogar ƙasa ce ke fara cinye bakin gidan sauro. Mai kusurwa huɗu ya fi mai zagaye ba da fili, jiki ba ya manne masa. Wannan ma abin lura ne, domin gwiwar hannu ko ƙafar da ta jingina da raga, sauro yana cizonta ta waje.

Ratayawa

Sabon gidan sauro ba a kwana cikinsa ranar da aka buɗe leda. A warware shi a shanya a inuwa, inda iska ke kaɗawa, awa 24. Rana tana lalata maganin, don haka ba a kan katanga ko igiyar tsakar gida da tsakar rana ba. Wanda ya tsallake wannan matakin shi ne ke tashi da zafin fuska, ƙaiƙayi ko atishawa, ya ce gidan sauron gwamnati yana da illa, ya naɗe ya ajiye. Zafin fuskar nan yana wucewa da kansa cikin awoyi. A wanke fuska da hannu, a ƙara shanya shi kwana ɗaya.

Yanzu lissafin tsayi, wanda kusan kowa ke kuskurewa. Gidan sauron da yayata ta samu a wajen awo, an rubuta masa santimita 190 da 180 da 150. Lambar ƙarshe ita ce tsayinsa. Katifarta kaurinta santimita 20 ne, kuma ana bukatar aƙalla wasu santimita 20 su shige ƙarƙashin katifa. In ka cire 20 na cusawa daga 150, saura 130. Ke nan rufin gidan sauron bai kamata ya wuce santimita 130 daga ƙasan katifa ba, wato ƙafa 4 da inci 3. Da muka zo, ƙusoshinta suna kusa da silin, igiyoyin gajeru, bakin gidan sauron da ƙyar yake taɓa gefen katifa. Kowane dare tana cusawa, da ta juya sau biyu ya zare. Ba mu taɓa ƙusoshin ba, igiyoyin muka ƙara wa tsawo har rufin ya sauko daidai. In a kan gado katifar take, ka auna 130 ɗin daga inda katifa ta zauna a kan gadon.

Hanya mai sauƙi ita ce a ja igiya biyu daga bango zuwa bango, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa, a ɗaura kunnuwan gidan sauron a jikinsu. A ɗaura duka kunnuwan, har da na tsakiya in akwai, don kada rufin ya zubo a fuska. Katifa mai ƙafa 6 da 6 ta cika wannan girman tam, saboda haka gefen 190 ya bi tsawon mai kwanciya, kuma kada a ja shi ya yi tauri, ɗinkin kusurwa ne zai fara buɗewa.

Na yara a tabarma ya fi wuya, don tabarma ba ta da nauyin da za ta danne. Mun sauko da shi ƙasa sosai yadda kamu ɗaya da rabi zai shige ƙarƙashin tabarmar ta kowane gefe, muka shimfiɗa bargo a kai, nauyin yaran ya riƙe sauran. Babba ya cusa musu ta waje bayan sun kwanta, ya sake dubawa kafin shi ma ya kwanta, musamman in wani ya tashi fitsari. Jaririya kuma a kwantar da ita nesa da gefe, don kada ta riƙa kama ragar tana kaiwa baki.

A bazara, lokacin da kowa ke fita tsakar gida, gidan sauro ya bi ku. Igiya biyu daga katanga zuwa katanga, ko sanduna huɗu a kafe cikin bokitan yashi, sun wadatar. Da asuba a kwance shi a shigar kafin rana ta buɗe. Sauron maleriya ya fi cizo daga tsakiyar dare zuwa asuba, kuma ba ya cika kuka a kunne. Mai yawan kukan nan da ke tasowa daga kwata wani iri ne daban. Don haka rashin jin kuka ba dalilin barin gidan sauro ba ne, ko da rani, balle a unguwar da ke kusa da fadama ko gonar shinkafa.

Yadda zai kai shekara uku

Abin da ya fi tsawaita ran gidan sauro ba ya cin ko kwabo: da safe a zare shi daga katifa, a tattara, a ƙulle shi sama. Wanda aka bari a sake da rana, yara suna wasa a ciki, ana zama a kansa, ɓera yana bin ɓurɓushin abinci yana huda shi. Kada a ci abinci a kan shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa. A duba gefen gado, in akwai kan ƙusa ko tsagin katako a buga ko a naɗe da tsumma. Kyandir, aci-balbal da maganin sauro na kunnawa su yi nesa da shi, domin zaren roba ne, tartsatsi ɗaya yana ɓula shi, wuta kuma tana kama shi. Kada a fesa masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari da sunan ƙara masa ƙarfi. Guba ce za ku kwana kuna shaƙa a rufe.

Wanki 20 a shekara 3 yana nufin kada a wuce sau shida ko bakwai a shekara, kuma sau ɗaya a wata uku ya fi. Ƙurar hunturu kaɗewa ake yi, ba sai an wanke ba. In za a wanke, ruwan sanyi a baho, da sabulun wanka marar ƙarfi. Ban da omo, ban da bilic, ban da ruwan zafi, ban da jiƙawa ya kwana. A cuɗa a hankali, a ɗauraye, kada a murɗe, a shanya a inuwa. Ruwan wankin a zuba shi a rami ko masai, nesa da rijiya, kududdufi da tafkin kifi, don maganin yana kashe kifi.

Sau ɗaya a mako, in an sauke shi da yamma, a haska tocila a bi shi, musamman kamu biyu na ƙasa da ɗinkin kusurwoyi. Ramin da bai kai babban yatsa ba, a tsuke shi a ƙulle da zare nan take. Wanda ya kai dunƙulen hannu a ɗinke bakinsa da allura. Wanda ya fi haka a yi masa faci da yankin tsohon gidan sauro ko kowane ƙyalle. Ramin rufi kada a raina shi don yana sama. Ɗumin jikin mai barci ta nan yake fita, kuma nan sauro ya fi taruwa.

Ragar taga ita ma tana son kulawa. Bayan hunturu a goge ta da buroshi mai laushi da ruwa, za ka ji iskar ɗaki ta sauya. Kafin ruwan farko a bi falankin gefe da yatsa ana dannawa, inda ya ɗaga a ƙara ƙusa, a sake gwajin fitila da dare. Ƙaramin rami a yanko faci da ya fi shi da inci ɗaya ta kowane gefe, a ɗinka da siririyar waya ko zaren roba.

Yaya za ka gane gidan sauro ya gaji? In kana tashi da safe kana ganin sauro a cikinsa da ciki ja, ko ɗigon jini a jikin raga, akwai rami ko cusawar ba ta yi ba, nemo wurin. In kuwa sauro yana kwana a manne a jikinsa ta waje har gari ya waye, lafiyarsa ƙalau, kuma gidan ya haura shekara uku ko ya sha wanki da omo, to maganin ya yi rauni. Haka in ramukan da kai zai iya shiga sun yi yawa har faci ya gagara. Sai a nemi sabo, amma a ci gaba da kwana a tsohon har sabon ya zo. Kuma duk wanda ya yi zazzaɓi a gidan, ko da yana kwana a gidan sauro, a kai shi a yi masa gwajin jini a ranar.

Tsohon da aka sauke kada a ƙone shi, hayaƙinsa guba ne, kada a kama kifi da shi, kada a rufe abinci ko a shanya kuɓewa da tumatir a kansa. Na yayata mun yanke inda ya rage da kyau muka ninka biyu, muka yi labulen ƙofar ɗakin surukarta da shi, ragowar kuma muka cusa a ratar kan bangon ɗakin, wanda ba a kai ga yi masa siminti ba tukuna.